Zan kai mahaifiyata Umara da insulin da tiramadol a jakar hannu: me doka ta ce?

Barista, barka da aiki. Zan raka mahaifiyata Umara ta kwana 14, jirginmu zai tashi daga Kano, mu sauya wani a Alƙahira. Tana da ciwon suga, tana allurar insulin safe da yamma, tana shan firegabalin saboda zafin tafin ƙafa, da tiramadol na ciwon gwiwa wanda muke saya mata a kyamis ba da takarda ba. Akwai maganin hawan jini, da ƙwayoyin ƙarin ƙarfin ƙashi, da garin zogale. Na yi niyyar juye su duka a roba ɗaya in riƙe a jakata. Sannan wata maƙwabciya ta roƙe ni in kai wa ɗanta magani a Jidda. Akwai matsala?

Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya karɓi ibada. Akwai matsala, amma ba inda kake zato ba. Na san allurar ce ke ba ka tsoro, alhali ita ce mafi sauƙi. Abin da zai iya sa a tsare ka shi ne ƙananan ƙwayoyin nan biyu da kuma saƙon maƙwabciya.

Tiramadol da firegabalin duk suna cikin magungunan da Saudiyya ta sa wa takunkumi. Na farkon kowa ya san sunansa ya ɓaci. Na biyun ne ke yaudarar mutanenmu, don a nan gida ana miƙa shi a kyamis kamar farasitamol, a can kuwa ana lissafa shi da magungunan da ake sha don maye. Doka ba ta hana marar lafiya shiga da su ba, sharaɗi ta gindaya. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, SFDA, tana neman rahoton likita ko takardar rubuta magani da ba ta wuce wata 6 ba, kuma adadin kada ya wuce na kwanakin zama ko na kwana 30, duk wanda ya fi gajarta. Tana da shafi na neman izini kafin tafiya, sunansa Controlled Drugs System, inda ake ɗora takardun da bayanin maganin. Ka cike shi da sunan Hajiya, ka buga amincewar a takarda, kada ka dogara da waya a filin jirgin da ba ka da data.

Ga lissafin. In tana shan tiramadol mai miligiram 50 sau biyu a rana, kwana 14 ƙwaya 28 ke nan. Firegabalin ɗaya da dare, ƙwaya 14. In kana son ƙarin kwana biyu ko uku saboda jinkirin jirgi, likita ya rubuta ƙarin a takardar da hannunsa, ya zama abin da ke jaka daidai yake da abin da ke rubuce. Jami'in da ya ƙirga ya samu ƙwaya 100 ga mai zaman mako biyu ba zai tsaya tambayar gwiwa ba, tambayarsa ita ce sauran na waye.

Yanzu batun kyamis. Yau da kake rubuto min, ba ku da wata hujja a kan tiramadol ɗin nan, kuma rasidin kyamis ba takardar likita ba ce. Hanyoyinku biyu ne. Ko dai ka kai Hajiya asibiti likita ya duba ta, in ya ga tana buƙatarsa ya rubuta mata, ku saya sabo a kantin magani mai rajista. Ko kuma ya sauya mata da maganin da ba shi da takunkumi. Ni da mahaifiyata ce, ta biyun zan fara tambaya, amma likita ne zai yanke, don wanda ya daɗe yana shan tiramadol ba a tsayar masa farat ɗaya. Ka kuma duba bayan katin da ke gida. A Najeriya mai miligiram 50 da mai 100 aka amince da su. In ka ga 200 ko 225, tun a filin jirgin Malam Aminu Kano jami'an NDLEA za su tsayar da kai, ba sai an je Jidda ba.

Takardar likitan ta kasance da Turanci a kan takardar asibiti mai tambari, da kwanan wata, da sa hannu, da hatimi. Ta faɗi ciwon, da ainihin sunan kowane magani kamar yadda yake a kwali, wato `pregabalin` ba sunan kamfani kaɗai ba, da ƙarfinsa, da yadda ake sha, da jimillar adadi. Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne suna. Katin asibiti ya ce Hajiya Yalwa, fasfo ya ce A'ishatu, to a idon jami'i mutum biyu ne. A rubuta sunan fasfo harafi da harafi.

Robar nan kuma ka manta da ita. Ƙwayar da aka ɓare ba ta da suna, sai an kai ta gwaji, mai ita kuma yana zaune yana jira. Kowane magani ya zauna a katinsa, cikin kwalinsa, a jakar hannun Hajiya, ba taka ba, tunda sunanta ne a takarda. In an ba ku fom ɗin kwastan ku bayyana, kada ku jira a gano.

Insulin ba shi da takunkumi, kuma ƙa'idar ruwa ta mililita 100 tana da sassauci ga magani. Allurai ma ana wucewa da su in suna tare da maganinsu, sai dai a ambace su a takardar, har da na'urar gwajin suga. Ku fito da su a tire kafin a tambaya, a Kano da kuma Alƙahira, don za a sake bincike a can. Kada insulin ya shiga babbar jaka: sanyin ƙasan jirgi na iya daskarar da shi, wanda ya daskare kuwa ya lalace ko da ya narke, ga jaka tana iya ɓata. In tana yin yunit 30 a rana, 420 ke nan, alƙalamin insulin ɗaya kuma 300 yake ɗauka, to biyu sun isa a lissafi, amma ku ɗauki uku ko huɗu a 'yar jakar sanyi, ba tare da sun taɓa ƙanƙara ba.

Maganin hawan jini da ƙwayoyin ƙashi ba su da wata rigima in suna kwalbarsu mai lakabi. Garin zogale a ƙullin leda kuwa a bar shi gida, koren gari marar suna ba abin tsayawa bayani da jami'in da ba ya jin Hausa ba ne. Goro ma haka, Saudiyya ta hana shiga da shi.

Saƙon maƙwabciya, ka ba ta haƙuri. Sassaucin doka na marar lafiya ne da ke riƙe da maganinsa, bai shafi ɗan aike ba, komai kyawun niyyarsa. A 2017 kotun Masar ta ɗaure wata Baturiyar Ingila shekara 3 a kan ƙwayar tiramadol 290 da ta ce ta kawo wa abokin zamanta mai ciwon baya. Mu ma a nan ba mu manta da ɗalibar da aka kama a Madina a Disambar 2018 ba, bayan an liƙa sunanta a jakar da ba tata ba a filin jirgin Kano, sai a Afrilun 2019 aka sake ta. Safarar ƙwaya a Saudiyya hukuncinta na kaiwa har kisa. Don haka a wajen awo ka ƙirga jakunkunanku, ka ƙirga 'yan takardun da aka manna muku, su zo daidai, ka ɗauki hotonsu kafin jakunkunan su shige.

In duk da haka aka tsayar da ku, ka nuna takardun, ka nemi tafinta, ka nemi a sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda. Kada kai ko Hajiya ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar Larabci kafin a karanta muku abin da ke cikinta.