Lita ɗaya a takardar gudawa

"Takardar gudawar yara nake fassarawa don ƙauye, ta ce a zuba ƙunshin gishiri da sukari a lita ɗaya, in sa kofi kawai?"

A'a ɗan'uwa, kar ka soma. Kofi ai kowane gida da girman nasa, in ruwan ya yi kaɗan gishiri ya yi yawa, yaron da ake son ceto shi za a ƙara wa ciwo. Rubuta lita 1, sai ka ƙara da ledar fiya wata biyu, tunda kowace rabin lita ce. Ni a Agege na gwada, na karanta wa wata dattijuwa, na miƙa mata ledoji huɗu na ce haɗa mu gani, biyu ta ɗauka wallahi. In ƙauyen ba fiya wata, sa hoton robar lita 1, ka ce tafasasshen ruwa da ya huce.