Zan bar kujerata, me zan rubuta wa magajina?

Tambaya: Ni ce mai kula da saye-saye a wata ƙungiyar agaji nan Damagaram, an mai da ni reshen Maraɗi. Ina tsoron bayan na tafi wani abu ya ɓaci a ɗora mini. Shin in na tura wa wanda zai gaje ni imel da kalmomin sirrina da dukkan takardu, na fita?

Amsa: Malama, ba ki fita ba. Tarin takardu ba ya gaya wa mutum inda aiki ya tsaya. Abin da magajinki ke bukata shi ne ayyukan da ba su ƙare ba, kowanne da matakin da ya kai, da wanda ake jira, da ranar da aka tsayar.

Kada ki rubuta "maganar geron Tanut tana kan hanya". Rubuta masa haka: "Mun yi odar buhu 200, an biya ɗan kasuwa rabin kuɗi, ya kawo 120. Sauran 80 ya yi alkawarin ranar 15 ga wata. Kada a biya cikon sai mai kula da sito ya sa hannu a takardar karɓa." Alkawarin da kika yi da baki ko ta waya, shi ma ki sa. Ba ya cikin kowane dosiye, kuma shi ke fara tashi in kin juya baya.

Sai kalmar sirri. Wannan kam na gaji da ganinta a ofisoshinmu. Mutane sun ɗauka karamci ne, wai don kada aiki ya tsaya kafin a buɗe wa sabon zuwa nasa asusun. To ki sani, na'ura ba ta san fuska ba, suna ta sani. In ya shiga da sunanki ya amince da biyan cikon geron nan alhali buhu 80 ba su iso ba, ranar da masu bincike suka zo, sunanki za su tarar, da ranar da kuma sa'ar. Za ki ce kina Maraɗi? Su tambaye ki wa ya ba shi mabuɗin, ga imel ɗinki shaida a kanki. Kuma imel ana tura shi gaba, ana buga shi a takarda a bar shi kan tebur. Masu cewa "haka muka saba, ai amana ce" ba za su raka ki gaban kwamiti ba. In masu kula da na'ura suna jan ƙafa, ki rubuta musu tun mako guda kafin tafiya, su buɗe nasa, su rufe naki ranar da kika miƙa aiki.

Ki sa shugabanki a Cc, wato shi ma ya sami kwafin imel ɗin miƙa aikin. Kuɗin akwati da mabuɗan sito kuwa ku ƙirga tare, ku biyu ku sa hannu a takarda, sannan ki nemi ya amsa imel ɗin cewa ya karɓa.