Shin alamar Verified Purchase tana nufin sharhin na gaskiya ne?

Tambaya: Malam, ina son sayen batirin cajin waya a intanet. Yana da taurari 4.8 da sharhi sama da 400, kuma kusan dukansu suna ɗauke da alamar Verified Purchase. Amma yabon ya yi yawa har ya sa ni ɗar-ɗar. Ta yaya zan gane ko biyan masu sharhin aka yi?

Amsa: Malama, kina da hujjar yin ɗar-ɗar, kuma alamar da kika ambata tana jefa masu saye cikin asara, domin kullum sai na haɗu da wanda ya ɗauke ta a matsayin shaidar gaskiya. Abin da take tabbatarwa guda ɗaya ne tak: an sayi kayan ta asusun da ya rubuta sharhin. Ba ta nuna kuɗin wa aka kashe, ba ta nuna ko an buɗe kwalin ma.

Ga yadda ake yi. Dillali yana tara mutane a wani zaure na sada zumunta, ya umarce su da su sayi kayan da kuɗinsu, su ba shi taurari biyar, su aiko da hoton sharhin, sannan a mayar musu da kuɗin ta wata hanya da kasuwar intanet ɗin ba ta gani, kamar PayPal, wani lokaci har da ɗan ƙari. A idon kasuwar cinikin bai da aibu, don haka alamar take fitowa. Wata dabarar kuma ita ce mai kayan ya buɗe asusai da kansa, ya sayi kayansa, ya aika ƙunshin da ba shi da wani amfani zuwa adireshin mutanen da ba su yi oda ba, domin a samu shaidar isar da kaya. Wannan sana'a ba ƙarama ba ce: a 2022 kamfanin Amazon ya kai ƙarar masu gudanar da zaurukan Facebook fiye da 10,000 da ke dillancin irin wannan sharhi, kuma a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kafa ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da sharhin bogi. Duk da haka masu ba da shawara na ci gaba da cewa a duba alamar kawai a saya. Wannan sakaci ne, kuma yana ba ni haushi, domin su kansu dillalan sun san mutane sun dogara da ita, shi ya sa suke kashe kuɗi a kanta.

Abin da ya fi wuyar ɓoyewa shi ne kwanan wata. Ki sauya jerin sharhin daga waɗanda aka fi yabawa zuwa na baya-bayan nan. A ce kin tarar 300 daga cikin 400 ɗin sun shigo cikin mako biyu, dukansu taurari biyar, sannan aka yi shiru, daga baya kuma sharhi ya riƙa zuwa jefi-jefi da tauraro ɗaya ko biyu yana cewa batirin ya kumbura ko ya daina riƙe caji. Wannan ambaliyar ta farko alama ce mai ƙarfi ta sharhin da aka biya kuɗi aka rubuta, waɗanda suka biyo baya kuwa su ne masu saye na haƙiƙa. Amma ki lura, ragin farashi ko sabon talla ma na iya kawo cunkoso, saboda haka ki karanta abin da suka rubuta. Lalacewar batiri tana bayyana ne bayan makonni ana caji, don haka wanda ya yabe shi ranar da ya iso bai shaidi komai ba sai kyan kwali. Mai amfani na gaske zai faɗi sau nawa ya cika masa waya da kuma ko yana zafi.

Daga nan ki gangara zuwa sharhin da ya fi daɗewa. Idan kika ga ana yabon rigar waya ko fitila a ƙarƙashin batiri, to mai kayan ya ɗauki shafin wani tsohon kaya mai taurari ya ɗora sabon a kai, kuma 4.8 ɗin ba na batirin ba ne. Ki kuma buɗe asusun masu yabo biyar ko shida. Wanda ya ba kaya goma marasa alaƙa taurari biyar a rana ɗaya, aiki yake yi.

Idan kuma kin saya kika tarar da ɗan kati a cikin kwalin yana alƙawarin kyauta in kin ba da taurari biyar, ki ɗauki hotonsa ki kai rahoto ga kasuwar, sannan ki gwada batirin sosai kafin wa'adin mayar da kaya ya cika.