Na biya fiye da abin da ke littafi: ina zan kai bambancin canji?

Tambaya: "Ni ke riƙe da littafin kuɗin kamfaninmu. Mun sayi kaya bashi daga waje na dala 8,000, suka iso ranar 10 ga Nuwamba, lokacin ana canza dala ɗaya a kan 100 na kuɗinmu, na rubuta 800,000. Da muka biya ranar 20 ga Janairu, 819,000 ne suka fita daga banki. Maigidana ya ce in ɗora 19,000 ɗin a kan kuɗin kayan kawai. Haka zan yi, ko in buɗe musu asusu daban? Muna rufe shekara 31 ga Disamba."

Amsa: Malama, ki buɗe musu asusu daban. Amma kafin nan ki ɗauko takardar da banki ya ba ki, domin ina kyautata zaton 19,000 ɗin nan ba abu ɗaya ba ne. Banki yana cire ladansa na tura kuɗi waje, kuma wannan ladan ba asarar canji ba ce, kashe kuɗi ne kamar kowane cajin banki. Mu ɗauka takardar ta nuna an sayar muku da dala a kan 102, wato 816,000, sauran 3,000 kuma lada ne. Ki kai 3,000 asusun cajin banki. Abin da ya rage mana mu yi magana a kai 16,000 ne.

Dalilin da ya sa ba a ɗora su a kan kaya shi ne, abubuwa biyu kika rubuta ranar 10 ga Nuwamba, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Kika rubuta kaya, kika rubuta bashi. Kayan sun shigo hannunku a kan 800,000, nan kuɗinsu ya tsaya, ko dala ta tashi ko ta faɗi. Bashin kuwa na dala ne, shi ke motsi da kasuwa har ranar da kuka sauke shi. Kayan ba su ƙara tsada ba, jinkirin biya ne ya ci muku kuɗi. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya mai kula da wannan fanni, IAS 21, haka ta tsara: a rubuta ciniki da farashin canjin ranar da aka yi shi, bambancin da ya biyo baya kuma ya tafi lissafin riba da asara na lokacin da ya faru.

Na fahimci maigidanki. A ganinsa kuɗin da ya fita aljihunsa saboda kayan nan shi ne kuɗin kayan, kuma idan zai yanka farashin sayarwa, yana da gaskiya ya duba abin da zai kashe kafin ya sake sayo irinsu yau. Wannan lissafin ɗan kasuwa ne, a yi shi a takarda daban. A littafi kuwa, ki duba abin da zai faru. A ce guda 400 ne kayan, kowane ya kama 2,000, kuma kun sayar da 300 kafin Janairu. Idan kika ɗora 16,000 a kan guda 100 da suka rage, kowane ya koma 2,160 ke nan, kin kumbura kuɗin kayan da ke rumbu, kin ɓoye asarar a cikinsu har sai an sayar da su.

Yanzu ga wurin da aka fi tuntuɓe, kuma tambayarki ta faɗa cikinsa: ƙarshen shekara ya ratsa tsakanin ranar saye da ranar biya. Ranar 31 ga Disamba ana bin ku dala 8,000 cif, don haka dole a sake auna bashin da farashin wannan ranar. Ba ki faɗa mini shi ba, sai mu ƙaddara 104 ne. Bashin ya zama 832,000. Za ki rubuta asarar canji 32,000 a ɓangaren debit, ki ƙara 32,000 a asusun mai kawo kayan a ɓangaren kiredit. Ko sisi bai fita ba tukuna, shi ya sa ake kiranta asarar da ba ta tabbata ba, amma ta tsohuwar shekara ce kuma a can za ta zauna.

Ranar biya, da 832,000 za ki gwada abin da kika biya, ba da 800,000 ba. Asusun mai kaya debit 832,000, banki kiredit 816,000, ragowar 16,000 kuma kiredit a asusun canji, wato riba. Abin zai ba ki mamaki da farko: kin biya fiye da kuɗin farko, ga shi kina rubuta riba. Haɗa shekarun biyu ki gani. Asarar 32,000 bara, ribar 16,000 bana, abin da ya rage asarar 16,000 ce, daidai da wadda kika gani da idonki. An raba ta ne kawai a kan shekarun da kasuwa ta yi motsinta.

Kuskuren da na fi cin karo da shi shi ne a yi aunin Disamba, sannan a manta da shi ranar biya, a cire 800,000 daga bashin a sake rubuta asarar 16,000. Sai asara ta taru ta kai 48,000, asusun mai kaya kuma ya nuna har yanzu yana bin ku 32,000 alhali kun sallame shi. Gane wannan ba wuya. Ki buɗe asusunsa ki duba shi ta fuska biyu: idan a dala ya koma sifili, amma a kuɗin gida akwai ragowa, to akwai bambancin canjin da ba a rubuta ba, ko wanda aka rubuta sau biyu. Wasu manhajojin lissafi suna warware aunin ƙarshen shekara da kansu a ranar farko ta sabuwar shekara. Idan taku tana yin haka, bashin ya riga ya koma 800,000, kuma asarar 16,000 da za ki rubuta ranar biya za ta haɗu da ribar 32,000 ta warwarewar, a tashi da riba 16,000 kamar yadda muka samu. Ki tabbatar da wacce hanya manhajarku ke bi kafin ki sa hannu ki gyara komai.

Da a ce kun ba da kafin alƙalami tun kaya ba su iso ba, wannan kason ba a sake auna shi, domin kaya kuke jira ba dala ba, sai ya zauna a farashin ranar da kuka tura shi. Batun haraji kuma ki tambayi mai duba muku shi, don hukumomin haraji da yawa ba sa karɓar asarar da ba ta tabbata ba sai an biya bashin. Saboda haka na fi son ki buɗe asusu biyu tun yanzu, ɗaya na bambancin da ya tabbata, ɗaya na wanda bai tabbata ba, kuma ki adana shaidar farashin ranakun nan uku, 10 ga Nuwamba, 31 ga Disamba da 20 ga Janairu, tare da takardar bankin, domin su odita zai fara nema.