Daga gibin samarwa zuwa rashin aikin yi: yadda ake lissafin

"An ba mu coefficient 2, an ce rashin aikin yi ya tashi daga 5% zuwa 7%. Yaya zan gano gibin samarwa? Ninkawa zan yi ko rabawa?"

Ninkawa za ka yi, ɗan'uwa. Wannan ita ce dokar Okun, wadda masanin tattalin arziki Arthur Okun ya gabatar a 1962:

```
(Y − Y*) / Y* = −c × (u − u*)
```

Y shi ne abin da ƙasa ta samar, Y* kuma abin da za ta iya samarwa in ma'aikata da injuna na aiki yadda ya kamata. Bangaren hagu na lissafin shi ne gibin samarwa. u shi ne rashin aikin yi na yanzu, u* kuma rashin aikin yi na ɗabi'a, wato wanda ake samu ko da tattalin arziki na tafiya daidai. c shi ne coefficient ɗin da aka ba ka.

Mu ɗauka 5% ɗin nan shi ne u*. To, 7 − 5 = 2, sai −2 × 2 = −4. Wato samarwa ta gaza abin da ya kamata da kashi 4 cikin 100. In Y* biliyan 500 ne, an samar da biliyan 480 ke nan, an yi asarar biliyan 20.

Abin da ya sa gibin ya fi ƙarin rashin aikin girma shi ne, kafin kamfanoni su sallami mutane sukan fara rage awannin aiki, wasu ma'aikatan kuma sukan haƙura da neman aiki, a daina ƙirga su.

Inda na ga ɗalibai sun fi tuntuɓe: suna cewa daga 5 zuwa 7 ƙarin 40% ne. A wannan lissafin ba da 40% ake aiki ba, maki 2 ne, ragi kawai ake yi.

Amma ka sake duba tambayarka da kyau. In 5% ɗin ba u* ba ne, to −4 canjin gibin ne kurum, ba gibin gaba ɗaya ba. In kuma gibin aka ba ka, ana neman rashin aikin yi, a nan ne za ka raba da 2.