Na biya kuɗin hoton kaya, amma an kawo mini su da farin bango

Tambaya: Barista, ina da shagon turare da takalma a Kano. Na yi ciniki da mai hoto kan hotuna 40 a naira 120,000, na ba shi kafin alƙalami 80,000. A WhatsApp na ce masa ina son hotuna "babu komai a bayansu". Da ya kawo, duk a kan farin bango suke, mai yi mini zanen talla kuma ya ce ba za su hau kan wata kala ba. Mai hoton ya ce sai na ƙara kuɗi. Me zan rubuta masa?

Amsa: Hajiya, maganar ta rataya ne a kan abin da kuka yi yarjejeniya a kai, kuma kalmominki suna da fuska biyu. Shi zai ce farin bango ai babu komai ne. Ke kuma kina nufin a yanke kayan daga bangon gaba ɗaya, ta yadda kowace kala aka ɗora su a kai za ta bayyana. Don haka ki koma cikin saƙonninku. Idan kin taɓa faɗa masa cewa a kan zanen talla za a ɗora su, ko kin tura masa samfuri, to bai cika alkawari ba, gyaran yana wuyansa, kuma kina da hujjar riƙe cikon 40,000 har ya gyara. Idan jimlar nan kaɗai ce, hujjarki tana da rauni, gara ki nemi ragi a kan ƙarin kuɗin. Kada ki goge saƙonnin, kotu tana karɓarsu bisa sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011.

Kada ki yi gaggawar kai hotunan wani ya yanke miki. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wanda ya ɗauki hoto shi ne mai haƙƙinsa tun farko, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Biyan kuɗin aiki ya ba ki izinin amfani da hotunan wajen tallan da aka ɗauke su dominsa, amma haƙƙin bai koma hannunki ba, domin dokar ta ce miƙa haƙƙi sai a rubuce. Ko izinin ya haɗa da yanke hoton a wajen wani, nan ne gardama ke tasowa, kuma jimla ɗaya a wasiƙa za ta rufe ta.

Ga abin da zan so ki rubuta:

"Malam, bisa cinikinmu na hotuna 40, ina buƙatar a cire bangon kowane hoto gaba ɗaya, a kawo shi a PNG, tsawonsa kada ya gaza fiksel 2000. Kada a bar fari ko inuwa a gefen kayan, kuma kada kalarsu ta canza. A turo cikin kwana 7 ta Document. Zan biya cikon 40,000 da zarar na duba. Ina kuma neman ka tabbatar a rubuce cewa ina da izinin yanke hotunan, da gyara su, da amfani da su a duk tallan shagona."

An ambaci nau'in fayil ɗin hoto na PNG ne saboda nau'in JPEG ba ya iya ɗaukar hoto marar bango, dole ya cike gurbin da wata kala. Haka nan an ce ta Document ne, wato a tura shi a matsayin fayil, saboda idan aka tura hoton a WhatsApp ta hanyar da aka saba, za a matse shi, bangon ya dawo, sai a zargi mai hoto alhali ya yi aikinsa.

In sun iso, ki sa mai zanenki ya ɗora kowanne a kan baƙin bango kafin ki biya. A nan farin zare ke fitowa a gefen takalmi idan yankan bai yi kyau ba. Ki duba tsakanin igiyoyin takalmin, galibi a nan ake manta farin. Idan kuma kin ga ƙananan murabba'ai fari da toka sun biyo hoton, zane ne kawai, ba a cire komai ba. Kwalaben turare sun fi wuya, domin farin bangon yana ratsa gilashin, in aka ɗora kwalbar a kan ja sai cikinta ya zauna fari. A ganina, idan ya nemi ƙari a kan kwalaben kaɗai, ki saurare shi, aikin hannu ne mai cin lokaci.

Idan kwana 7 suka wuce bai amsa ba, ki aika masa takardar neman haƙƙi, ki faɗi adadin kuɗin da kike nema. Da ita za ki je kotun ƙananan da'awowi da ke kotunan majistare na Kano, inda ba dole ne ki ɗauki lauya ba. Abin da za ki iya nema shi ne kuɗin gyaran, don haka ki samo rubutaccen farashi daga wani mai yankan hoto, ki haɗa da shaidar tura 80,000 ɗin.