Lamba uku da ke shigowa tsakiya

"'Yan'uwa, lamba uku nake bugawa a nan Gusau. Koci ya ce in daina bin layi, in riƙa shigowa tsakiya idan ƙwallo na wajenmu. Mene ne amfanin haka? Jiya ta gefena aka ci mu biyu, kowa ni yake zagi."

Ƙanena, wallahi ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Kocinka bai yi kuskure ba, amma ina zargin rabin karatun ya ba ku.

Lissafi ne. Ku 4-3-3, su ma 4-3-3, tsakiya uku da uku, kowa da mutuminsa. Da ka shigo ka tsaya gefen lamba huɗu, sai takwas da goma su ƙara gaba, kun zama huɗu a kan ukunsu. Lamba bakwai ɗinsu ya shiga tsaka mai wuya: in ya biyo ka ciki, hanya ta buɗe daga lamba shida kai tsaye zuwa sha ɗayanku da ke kan layi, in ya tsaya, kai ne ba mai riƙe ka. Kuma in ƙwallo ta ƙwace, ku biyu kun tare tsakiya. Abin da Guardiola ya yi da Lahm a Bayern ke nan, Arteta ya yi da Zinchenko a 2022.

Amma dole na baya su zama uku. Shida ya matso hagu ya toshe gurbinka, biyar ya dawo tsakiya, lamba biyu ya haƙura da hawa. Nan aka cuce ni. Wasan kusa da na ƙarshe ne a Ƙauran Namoda, fili duk ƙura, saura minti kaɗan a tashi. Na shigo kamar yadda aka umarce ni, aka miƙo min ƙwallo na ba gidansu baya, ban waiwaya ba, aka ƙwace. Lamba shidanmu yana tsaye ƙiƙam, ko taku ɗaya bai yi ba. Yaronsu ya bi gefena shi kaɗai har raga. Kocin da ya ce in shigo, shi ya fara ɗaga murya wai na bar wurina! Ya cire ni a gaban mahaifina, wanda ranar ce ya fara zuwa kallona. A mota ba wanda ya ce min uffan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Waiwaya kafin ƙwallo ta iso ka. A layi ta gefe ɗaya ake zuwar maka, a tsakiya ta ko'ina. Ka karɓa a karkace, taɓawa biyu ka saki. Kada ka shigo sai ƙwallo ta zauna a ƙafar biyar ko shida. Idan filin mai burji ne tana tsalle, ko bakwai ɗinsu ya fi shidanku gudu, ka zauna a layinka.

Gobe a wajen atisaye, ka tambayi koci a gaban kowa, cikin ladabi: in na shigo, wa zai rufe min baya? Ya kama suna.